Shafi Ɗaya Tak: Yadda Ake Tsara Taƙaitaccen Kasafin Kuɗi Don Taron Amintattu

A yawancin ƙungiyoyinmu, daga makarantar al'umma zuwa ƙungiyar adashi ta ma'aikata, waɗanda ke zama a kwamitin amintattu mutane ne masu hidimarsu. Wani ɗan kasuwa ne da ya baro rumfa, wata malamar asibiti ce da ta taso daga aiki, wani tsohon ma'aikaci ne da ido ya fara rauni. Sukan zauna sau uku ko huɗu a shekara, awa biyu ko ƙasa da haka, kuma maganar kuɗi ɗaya ce daga cikin abubuwan da ke gabansu. Duk da haka alhakin dukiyar ƙungiya a wuyansu yake. A Nijeriya, ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu da hukumar rajistar kamfanoni a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, amintattun ne doka ta ɗora wa kai rahoton halin da ƙungiyar ke ciki. Idan aka miƙa wa irin waɗannan mutane takardu goma sha biyar cike da lambobi ana gab da buɗe taro da addu'a, abin da zai faru sananne ne: za su juya shafuka, wani ya tsinci ƙaramin kuɗin shayi ya yi tambaya a kai, a ɓata rabin awa, sannan a ce an amince. Babbar matsalar da ke shafi na tara kuwa ba wanda ya gan ta.

Maganin wannan shi ne shafi ɗaya da aka tsara da gangan. Ba wai a matse shafuka goma sha biyar su shiga ɗaya ba. Aikin shafin shi ne ya amsa tambaya uku da kowane amintacce ke zuwa da su, ko da bai furta ba: ina muka tsaya, me ya kai mu nan, kuma me ake so mu yanke yau? Duk abin da bai taimaka wajen amsa ɗaya daga cikinsu ba, wurinsa cikakken lissafin da za a maƙala a baya.

Don kada magana ta tsaya a iska, mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce makarantar al'umma ce mai ɗalibai 600, kowanne yana biyan naira 30,000 a zango, zango uku a shekara. Shekarar lissafinta tana farawa a Satumba ta ƙare a Agusta. Yanzu ƙarshen Afrilu ne, wata takwas sun wuce, an kammala zango biyu, kuma amintattu za su zauna a makon farko na Mayu. Ma'aji yana da littafin shiga da fita, da takardar banki, da kasafin da aka amince da shi tun farkon shekara. Me zai sa a shafinsa, kuma a ina?

Saman shafi

Takardar da aka saba bugawa a kai, wato A4, faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. In aka bar gefe na santimita biyu a kowane ɓangare, aka yi rubutu da girman harafi 11, za ta ɗauki layi hamsin ko kusa da haka. Kada a cika su. Layi arba'in sun isa, ragowar a bar su fili tsakanin sassa, domin filin nan shi ke nuna wa ido inda wani batu ya ƙare wani ya fara. A tsara shafin a tsaye, ba a kwance ba, saboda da yawa daga cikin amintattu a waya za su fara ganinsa, kuma shafin da ke kwance yana ƙanƙancewa a fuskar waya har sai an riƙa ja da yatsu.

Layi biyu na farko na shaida ne: sunan makaranta, lokacin da lissafin ya ƙunsa, ranar da aka rufe shi, da ma'aunin lambobin. A misalinmu za a rubuta: "Taƙaitaccen kasafin kuɗi, 1 ga Satumba zuwa 30 ga Afrilu. Duk lambobi a miliyoyin naira." Wannan jimla ta ƙarshe ana yawan mantawa da ita, kuma rashinta yana sa mutum ya ga 4.4 ya tsaya yana tunanin dubu ne ko miliyan. A Nijar, inda a baki ake lissafi da dala da jika amma a takarda ake rubuta sefa, faɗin ma'aunin ya ma fi zama dole.

Nan da nan bayan wannan sai hukunci. A ganina wannan shi ne wuri mafi daraja a shafin, kuma shi ne ma'aji da yawa ke jin nauyin rubutawa, domin yana nufin su fito fili su faɗi abin da lambobin ke nufi. Jimla biyu ko uku ne, da harafi mai kauri. A makarantarmu za su kasance kamar haka: "Mun tsara samun rarar miliyan 2.4 zuwa yanzu, amma muna da giɓin miliyan 0.7. In aka ci gaba a haka, shekara za ta ƙare da giɓin miliyan 3.2 maimakon rarar miliyan 3.6. Kuɗin da ke hannu zai riƙe mu kwana arba'in." Amintaccen da ya makara, ya shigo ana tsakiyar bayani, in ya karanta waɗannan jimloli kaɗai ya san halin da ake ciki. Masu lissafi sun saba su jera komai sannan su kawo sakamako a ƙasa, domin haka lissafi ke tafiya. Mai karatu kuwa daga sama yake farawa, kuma ba lallai ya kai ƙasa ba.

Jadawalin da ke tsakiya

Littafin ma'aji zai iya ƙunsar kanun kashe kuɗi arba'in ko fiye: alli, tawada, gyaran famfo, katin waya, kuɗin mai shara. A shafin amintattu dole a haɗe su su dawo layi takwas zuwa goma sha biyu. Hanyar haɗewa mai sauƙi ce. Duk abin da ya kai kashi biyar cikin ɗari na kasafi yana da haƙƙin layinsa, sauran kuma a tara su a ƙarƙashin kanun da ya dace. Sai dai a kula da layin "sauran abubuwa". In ya kumbura ya wuce kashi goma cikin ɗari na jimlar kashewa, to akwai abin da ya kamata a ciro daga cikinsa a ba shi suna, domin a nan ne ɓarna ta fi samun mafaka. A kuma riƙe layukan nan yadda suke daga taro zuwa taro. In yau man janareto yana tare da kuɗin wuta, gobe ya koma cikin sufuri, ba wanda zai iya kwatanta rahoton bana da na bara.

Ga yadda jadawalin makarantarmu zai fito:

| | Kasafin shekara | Kasafi zuwa yau | Abin da ya faru | Bambanci | Hasashen ƙarshen shekara |
|---|---:|---:|---:|---:|---:|
| Kuɗin makaranta | 54.0 | 36.0 | 32.4 | (3.6) | 48.6 |
| Gudummawa | 6.0 | 4.0 | 4.3 | 0.3 | 6.3 |
| Littattafai da inifom | 3.0 | 2.4 | 2.3 | (0.1) | 2.9 |
| Jimlar shiga | 63.0 | 42.4 | 39.0 | (3.4) | 57.8 |
| Albashi | 42.0 | 28.0 | 28.0 | 0.0 | 42.0 |
| Wuta da man janareto | 4.8 | 3.2 | 4.4 | (1.2) | 6.4 |
| Kayan koyarwa | 5.4 | 4.0 | 3.9 | 0.1 | 5.3 |
| Gyaran gini | 3.6 | 2.4 | 0.9 | 1.5 | 3.6 |
| Sauran abubuwa | 3.6 | 2.4 | 2.5 | (0.1) | 3.7 |
| Jimlar fita | 59.4 | 40.0 | 39.7 | 0.3 | 61.0 |
| Rara ko giɓi | 3.6 | 2.4 | (0.7) | (3.1) | (3.2) |

Abu na farko da za a lura da shi shi ne gajartar lambobin. Ma'aji yana da 32,417,500 a littafinsa, amma a nan 32.4 ya isa. Amintattu ba za su yanke wani hukunci daban ba saboda naira dubu goma sha bakwai, kuma lambobi masu tsawo suna sa ido ya riƙa ƙirga sifili maimakon kwatanta girma. Ƙaramar ƙungiyar da kasafinta bai wuce miliyan biyar ba sai ta yi amfani da dubbai. Wanda ke aiki da Excel ba ya buƙatar sake rubuta lambobin. Ya zaɓi gidajen, ya shiga `Format Cells`, ya zaɓi `Custom`, ya rubuta wannan:

```
0.0,,;(0.0,,)
```

Waƙafin nan biyu su ke sa lambar ta bayyana a miliyoyi, alhali cikakkiyar lambar tana nan a ƙarƙashi. Wani lokaci gajartawa tana sa jimla ta saɓa da 0.1. In hakan ta faru a faɗa a ƙasan jadawalin da ƙaramin layi ɗaya, domin a kowane kwamiti akwai mai tara lambobi da biro, kuma in ya ga saɓani bai ga bayani ba, zai daina yarda da shafin gaba ɗaya. Lambobin kuma su jingina a dama, ɗigo a ƙarƙashin ɗigo, yadda 4.4 da 42.0 ba za su yi kama da juna ba.

Gida na biyu, "kasafi zuwa yau", shi ne wanda aka fi kuskurewa. Wasu ba sa sa shi sam, sai su ajiye abin da aka kashe a wata takwas kusa da kasafin wata goma sha biyu. Sakamakon kowane layi ya nuna kamar akwai sauran kuɗi, kowa ya tashi da murna. Wasu kuma suna raba kasafin shekara gida goma sha biyu daidai, su ninka da watannin da suka wuce. Wannan ya dace da albashi, wanda miliyan 3.5 ne kowane wata, shi ya sa wata takwas suka ba da 28.0. Bai dace da littattafai da inifom ba, waɗanda akasarinsu a zangon farko ake sayarwa. Shi ya sa muka sa 2.4 daga cikin 3.0, ba 2.0 ba. Da an sa 2.0, da layin ya nuna riba alhali an ɗan gaza. Kowace ƙungiya ta san lokutanta: ƙungiyar manoma ta san kuɗin taki kafin damina yake fita, masallaci ya san gudummawa a watan azumi take yawa. Tun ranar da aka yi kasafi ya kamata a raba shi bisa watannin da kuɗin ke shiga da fita a zahiri.

Sai gidan bambanci, inda ƙa'ida ɗaya ce ke hana ruɗani: lambar da ke cikin baka kullum tana nufin abin da bai yi mana daɗi ba. A ɓangaren shiga, samun ƙasa da kasafi shi ne mara daɗi. A ɓangaren fita kuwa, kashe fiye da kasafi ne. Don haka lissafin ɓangarorin biyu a juye yake. In kasafi zuwa yau yana gidan C, abin da ya faru yana gidan D, layin shiga da layin fita za su zama haka:

```
=D6-C6
=C11-D11
```

In aka yi amfani da lissafi iri ɗaya a duka biyun, sai mai karatu ya riƙa tsayawa a kowane layi yana tambayar kansa ko wannan ragin alheri ne ko akasinsa. Na fi son baka a kan alamar ragi saboda ɗan layin ragi yana ɓacewa in an yi hoton takarda da injin da tawadarsa ta yi ƙasa. Haka ma launi. Ja da kore suna da kyau a kwamfuta, amma a baƙi da fari duk toka-toka suke komawa, kuma akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe su. In za a sa launi a sa, amma kada ma'ana ta rataya a kansa.

Gida na ƙarshe, hasashe, shi ne ke mai da shafin abin yanke shawara. Sauran gidajen labarin abin da ya wuce ne, wannan kuwa yana nuna inda aka dosa tun akwai lokacin juyawa. Duk wanda ya riƙe kasafin wata ƙungiya a Nijeriya lokacin da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, ko lokacin da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, ya san kasafin da aka yi a farkon shekara yana iya tsufa kafin tsakiyarta. Ba a goge kasafin asali, domin shi ne abin da kwamiti ya amince da shi kuma shi ne ma'auni. Ana dai ajiye hasashe a gefensa. A makarantarmu hasashen kuɗin makaranta ya tsaya a kan cewa zango na uku zai yi kamar biyun farko, wato a karɓi kashi casa'in cikin ɗari. Wannan zato ya kamata a rubuta shi a fili, don wanda ke ganin ba haka ba ne ya yi gardama da zaton, ba da ma'aji ba.

Bayanin da ke ƙarƙashin jadawali

Dubi layin "jimlar fita". Kasafi 40.0, an kashe 39.7, bambanci 0.3 mai daɗi. Wanda ya tsaya a wannan layin zai ce ɓangaren kashe kuɗi lafiya lau. Ba lafiya ba. Wuta da mai sun zarce kasafi da miliyan 1.2, sai jinkirin gyaran gini na miliyan 1.5 ya rufe su. Gyaran nan kuwa ba tsimi aka yi ba. Rufin ajujuwa biyu ne da aka ɗage aikinsu, kuma damina tana tafe. Kuɗin zai fita, lokacinsa ne kawai ya matsa. Lambobi ba za su faɗi wannan da kansu ba. Shi ya sa ƙarƙashin jadawali ake buƙatar bayani, kuma shi ya sa a gidan hasashe gyaran gini ya koma 3.6 ɗinsa.

Ba kowane layi ke buƙatar bayani ba. Kwamiti ya tsayar da iyaka sau ɗaya, a rubuta ta cikin bayanan taro, ma'aji ya riƙa bin ta. Misali a ce duk bambancin da ya kai kashi goma cikin ɗari na kasafinsa, kuma bai gaza naira 500,000 ba, sai an yi bayaninsa. Sharaɗi biyun tare suke aiki. Kaso kaɗai zai jawo ƙananan layuka, inda naira dubu talatin kan iya zama kashi hamsin. Amfanin iyakar ga ma'aji shi ne tana kare shi daga zargin ya zaɓi abin da zai nuna ya ɓoye wani. A jadawalinmu layi uku ne suka haye ta: kuɗin makaranta, wuta da mai, da gyaran gini.

Kowane bayani layi biyu ne, kuma ya ƙunshi abu uku: dalili, ko abin na wucewa ne ko mai ɗorewa, da matakin da ake ɗauka. Rubuta "kuɗin makaranta ya gaza kasafi da miliyan 3.6" ɓata wuri ne, domin jadawali ya riga ya faɗa. Abin da amintattu ba su sani ba shi ne yadda giɓin ya kasu. Ga bayani mai amfani: "Ɗalibai 20 sun bar makaranta tun zangon farko, wannan miliyan 1.2 ne da ba zai dawo ba. Ragowar miliyan 2.4 bashi ne a hannun iyaye." Waɗannan matsaloli biyu ne masu magani daban. Na farko yana buƙatar a tambayi shugaban makaranta dalilin tafiyar yaran, na biyu yana buƙatar tsarin karɓar bashi. A haɗe su cikin lamba ɗaya, sai kwamiti ya yi ta muhawara a kan ƙara kuɗin makaranta, wanda mai yiwuwa shi ne zai ƙara korar wasu.

Na wuta kuma: "Ana kashe naira 550,000 a wata maimakon 400,000, saboda ƙarancin wutar lantarki da tsadar mai. Ba ma sa ran zai sauka sosai a bana." Kalmomi irin su "saboda halin da ƙasa ke ciki" ba bayani ba ne, don ba su gaya wa kowa abin da zai yi.

Kuɗin da ke hannu

Akwai tambayar da jadawalin kasafi ba ya amsawa, kuma ita ce ta fi hana shugaban kwamiti barci: za mu iya biyan albashin wata mai zuwa? Don haka a ware ɗan akwati mai layi uku ko huɗu. Takardar banki ta nuna miliyan 9.3 a ranar 30 ga Afrilu. Amma miliyan 2.5 daga ciki wani bawan Allah ne ya bayar don haƙa rijiyar burtsatse, ba a yarda a taɓa shi don wani abu ba. Abin da makaranta ke da iko da shi miliyan 6.8 ne. Tana kashe kusan miliyan 5 a wata, don haka kuɗin zai kai kwana arba'in in ba abin da ya shigo. Faɗin adadin kwanaki ya fi faɗin adadin kuɗi shiga kai, domin miliyan 6.8 tana iya zama dukiya ga wata ƙungiya, ga wata kuma albashin mako biyu.

Ware kuɗin amana daga kuɗin gudanarwa ba ƙawa ba ce. Ƙungiyoyi da yawa sun shiga kunya ta wannan ƙofa ba tare da kowa ya yi niyyar cin amana ba: an ga kuɗi a asusu, an biya albashi da shi da niyyar mayarwa, ranar da mai gudummawa ya zo ganin rijiyarsa sai aka rasa abin faɗa. In layin nan yana gaban amintattu a kowane zama, da wuya hakan ta faru. A ƙara layi ɗaya na bashin da ake bin ƙungiya, in akwai, kamar kuɗin mai buga littattafai da ba a biya ba. Giɓi yana iya ɓuya a cikin takardun neman biya da ke aljihun tebur.

Ƙasan shafi

Sashe na ƙarshe shi ne abin da ake nema daga kwamiti, kuma a rubuta shi yadda sakatare zai iya kwafe shi kai tsaye cikin bayanan taro. A makarantarmu buƙatu uku ne. A amince a fitar da miliyan 1.5 a watan Mayu don rufin ajujuwa biyu kafin ruwa ya sauka. A amince iyayen da ake bi bashi su biya kashi-kashi har zuwa ƙarshen Yuli. A ɗaga kasafin wuta da mai daga miliyan 4.8 zuwa 6.4. Kowace buƙata tana da adadi da lokaci. A ƙarƙashinsu a ƙara jimla ɗaya da ke nuna inda za a tsaya in an amince: kuɗin hannu zai sauka zuwa miliyan 4.3 a ƙarshen Agusta, wanda ya isa albashin Satumba amma bai kai kashewar wata guda cikakke ba. Da wannan amintattu suna yanke hukunci idonsu a buɗe. In babu abin da ake nema a wannan zama, a rubuta haka: "Don sanarwa ne kawai." Sannan sunan wanda ya shirya, da wanda ya duba, da kwanan wata.

Za a tambaya, ina zane? Yawanci babu wurinsa. Zanen da'irar da aka yanka gida-gida zai cinye kashi ɗaya cikin huɗu na shafin don ya nuna albashi ne ya fi yawa, abin da kowa ya sani. In har za a sa zane, wanda ya cancanci wurin shi ne ƙaramin layi da ke nuna kuɗin hannu wata bayan wata, domin yana nuna alkibla, abin da jadawalin lokaci guda ba ya iyawa.

Akwai wata dabara da ke lalata duk wannan aiki a minti na ƙarshe. In abubuwa sun yi yawa, sai mai bugawa ya danna `Fit Sheet on One Page`, kwamfuta ta matse komai, harafi ya koma kamar ƙwayar gero. An sami shafi ɗaya, amma dattawan kwamiti ba za su iya karanta shi ba, kuma ba kowa zai faɗa ba. In shafi bai ɗauka ba a girman harafi 11, ko 10 in an matsu, to magana ce ta yi yawa, sai a rage ta.

Shafi ɗaya yana da iyakarsa, kuma a san da ita. Ba ya maye gurbin cikakken lissafi, ba ya maye gurbin binciken mai binciken kuɗi na shekara, kuma ba ya kama ha'inci. Ma'ajin da ya so ɓoye abu zai iya ɓoye shi cikin haɗe-haɗen layuka. Shi ya sa cikakken lissafi da kwafin takardar banki za su biyo shi a baya, kuma mutum ɗaya cikin kwamiti, wanda ba shi ya shirya ba, ya gwada lamba uku kafin a raba: jimlar shiga, jimlar fita, da kuɗin banki. In sun yi daidai da littafi da takardar banki, ya sa hannu.

Kafin a aika, a gwada shafin a kan wanda ba shi da hannu a lissafin, ko malami ne a makarantar ko wani a gida. A ba shi minti biyu, a karɓe takardar, a tambaye shi: muna gaba ne ko baya, me ya jawo, me ake so kwamiti ya yi? In ya amsa ukun, shafin ya yi. In ya yi tuntuɓe a ɗaya, sashen da ya kamata ya amsa ta ne ke buƙatar gyara. Daga nan a mai da shi PDF don kada tsarinsa ya wargaje a waya, a tura wa amintattu aƙalla kwana uku kafin zama, a kuma buga kwafi a kai zauren taro saboda waɗanda ba su buɗe ba.

Ku kuma amintattu, ku nemi wannan shafi da bakinku a zama na gaba, ku tsayar da iyakar bambancin da kuke so a riƙa yi muku bayani, kuma kada ku amince da rahoton kuɗin da bai faɗa muku kwana nawa kuɗin hannu zai riƙe ƙungiyarku ba.